Yadda Ake Karanta Taswirar Yutektik da Amfani da Dokar Liba: Misalin Dalma da Kuza

Tambayar da ɗalibai suka fi turo mini a wannan zangon ita ce ta taswirar yutektik, wato taswirar da ke nuna halin da gamin ƙarafa biyu yake ciki, ruwa ko daskararre, a kowane zafi da kowane haɗi. Wasu sun haddace lissafin dokar liba tsaf, wato lissafin da ke fitar da yawan kowane ɓangare na gamin, amma da an ajiye musu taswirar a gaba aka ce su nemo yawan ruwa da yawan daskararre, sai hannu ya tsaya. Na duba takardun amsa da yawa, kuma abin da na gani shi ne ba a lissafin ake faɗuwa ba. Ragi ne da rabawa, ɗan firamare ma zai yi. A wajen karanta taswirar ake kuskure, sai a ɗauki lambar da ba ita ba a zuba cikin lissafin da yake daidai.

Za mu bi aikin da gami guda ɗaya daga farko har ƙarshe: giram 500 na haɗin dalma da kuza, wanda kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kuza ne, sauran kashi 70 dalma. Za mu narkar da shi a takarda, mu bar shi yana hucewa sannu a hankali, muna tsayawa a wurare huɗu muna yin lissafi.

Kalma ɗaya kafin mu fara. A bakin masu gyaran rediyo da waya, wayar nan da suke narkarwa suna liƙe ƙafafun kayan lantarki ita ma dalma ake ce mata. A nan idan na ce dalma, tsantsar ƙarfen da alamarsa Pb nake nufi. Kuza kuwa shi ne Sn, ƙarfen da ake fitarwa daga ma'adinin da Jos ta yi suna da haƙarsa. Wayar masu gyara gamin su biyun ce.

Kayan aiki

Kwafin taswirar Pb–Sn a takarda, mai girman da za ka iya karanta lambobin gefe ba tare da ƙanƙance ido ba. Rula, wadda ake gani ta cikinta ta fi. Fensir mai tsini da magogi. Kalkuleta, ko ta waya. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na hoton takarda ɗaya ba, kuma ina ba ka shawara ka yi kwafi biyu ko uku, don takardar za ta cika da layuka. Kada ka yi aikin a kan allon waya kana auna layi da farce. Kuskuren digiri goma a ido yana iya canza amsarka sosai.

1. Duba gefuna biyu kafin komai

Gefen tsaye zafi ne, yawanci a ma'aunin Salshiyas. Gefen kwance shi ne yawan kuza a cikin gamin. Can ƙarshen hagu sifili ne, wato tsantsar dalma, wadda ke narkewa a digiri 327. Can ƙarshen dama ɗari ne, tsantsar kuza, mai narkewa a digiri 232.

Karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin gefen kwancen. Idan `wt% Sn` ne, to da nauyi ake aunawa. Idan `at% Sn` ne, da yawan ƙwayoyin zarra ake ƙirgawa. Taswirori da yawa suna ɗauke da duka biyun, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama.

Hattara: ƙwayar zarra ta dalma ta kusa ninka ta kuza a nauyi, 207.2 ne da 118.7. Don haka ma'aunan biyu sun yi nisa da juna. Gaminmu mai kashi 30 na kuza a nauyi, kusan kashi 43 ne idan da ƙwayoyin zarra aka ƙirga. Wanda ya ɗauki lamba ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa, ya haɗa su a lissafi guda, amsarsa ta lalace tun kafin ya taɓa kalkuleta. Mu da nauyi za mu yi aiki har ƙarshe. Sannan ka tabbata wane ƙarfe ake ƙirgawa. Idan tambaya ta ce "kashi 70 dalma", wurinka a taswirar 30 ne, ba 70 ba.

2. Sanya wa kowane fili suna

Taswirar tana da filaye shida. Uku daga ciki fez ɗaya ne a cikinsu, uku kuma fez biyu. Fez, kamar yadda malamai ke faɗa a aji, shi ne sashen abu wanda ko'ina a cikinsa iri ɗaya ne a haɗi da kuma a tsarin jeruwar ƙwayoyinsa. Shayin da sukarinsa ya narke duka fez ɗaya ne. Idan ka ci gaba da zuba sukari har ya kwanta a gindin kofi, fez biyu ke nan: ruwan shayi mai zaƙi a sama, sukari a ƙasa.

Babban filin da ke sama, mai alamar L, narkakken ruwa ne. Siririn filin da ke manne da gefen hagu shi ne α, wato alfa: daskararriyar dalma wadda ɗan kuza ya narke a cikinta. Wanda ke manne da gefen dama, wanda ya fi shi siranta, shi ne β, wato bita: daskararren kuza mai ɗauke da 'yar dalma kaɗan. Ka lura da kyau, alfa ba tsantsar dalma ba ce, bita ma ba tsantsar kuza ba ce. Rabin kurakuran da nake gani daga nan suke fitowa.

Filayen fez biyu ba sai ka haddace su ba. Aza rula a kwance a cikin filin, ka duba wane fili ka tarar a hagu, wane a dama. Sunayensu biyu shi ne sunan filin. Ta haka za ka sami α + L a sama ta hagu, L + β a sama ta dama, da babban filin α + β a ƙasa.

Layukan da suka raba filayen su ma suna da suna. Likwidus shi ne wanda komai a samansa ruwa ne. Solidus shi ne wanda komai a ƙasansa daskararre ne. Solbus shi ne iyakar yawan kuzan da dalma za ta iya haɗiyewa a kowane zafi, da takwaransa a ɓangaren bita. Kamar yadda shayi mai sanyi ba ya cin sukari kamar mai zafi, haka alfa take: a digiri 183 tana ɗaukar kuza har kashi 18.3, amma a zafin ɗaki abin da za ta iya riƙewa bai fi kashi 2 ba.

Sai miƙaƙƙen layin kwance a digiri 183. Lambobi uku ne a kansa, kuma su ne ƙashin bayan taswirar: 18.3 a ƙarshen hagu, 61.9 a inda likwidus biyu suka haɗu kamar bakin mazurari, 97.8 a ƙarshen dama. Wurin haɗuwar nan shi ne ɗigon yutektik. Wasu littattafan za ka ga 19 ko 19.2 a madadin 18.3, ko 97.5 a madadin 97.8. Ba kuskure ba ne, bambancin awo ne. Yi aiki da na taswirar da aka ba ka.

3. Sa ɗigonka

Nemi 30 a gefen kwance, ka ja layi tsaye daga ƙasa har sama. Wannan layin shi ne gaminka, kuma ba ya motsi ko kaɗan komai zafi komai sanyi, domin ba wanda ya ƙara kuza a tukunyar ko ya rage. Za mu kira wannan lambar C0.

Yanzu bi layin daga sama. A digiri 300 kana cikin filin L, komai ruwa ne. Wajen digiri 255 layinka zai ratsa likwidus, a nan ƙwayoyin alfa na farko suke fara fitowa cikin ruwan. Zangonmu na farko digiri 220 ne. Nemi 220 a gefen tsaye, ka bi da rula a kwance har ka haɗu da layinka, ka sa ɗigo. Ya faɗa cikin filin α + L.

Tambayoyi uku ake yi a kowane ɗigo, kuma da wannan jerin: waɗanne fez ne ake da su, mene ne haɗin kowannensu, nawa ne yawan kowannensu. Ta farko mun amsa ta: alfa da ruwa. Gamin a wannan zafin ba ruwa ba ne sosai, ba kuma daskararre ba, kamar kunu ne mai gudaji.

Hattara: idan ɗigonka ya faɗa a fili mai fez ɗaya, aiki ya ƙare, ajiye kalkuleta. Gami mai kashi 10 na kuza a digiri 200 yana cikin filin alfa, saboda haka ɗari bisa ɗari alfa ne, haɗinsa kuma kashi 10 ɗin nan ne. Dokar liba ba ta da aiki a wurin.

4. Ja layin ɗauri

Daga ɗigon, ja layi a kwance zuwa hagu har ka taɓa iyakar filin, sannan zuwa dama har ka taɓa ɗaya iyakar. Wannan shi ne layin ɗauri. A digiri 220 ƙarshensa na hagu yana kan solidus, na dama yana kan likwidus.

Daga kowane ƙarshe, sauko da layi tsaye zuwa gefen kwance ka karanta lamba. A tawa taswirar na hagu ya sauka a wajen 17, na dama a wajen 46. Ma'anarsa, gudajin alfa da ke yawo a tukunyar kashi 17 ne kuza a cikinsu, ruwan da ke kewaye da su kuwa kashi 46. Ruwan ya fi gamin asali kuza saboda alfa ta kwashi dalma da yawa ta bar masa kuzan. Idan kai ka karanta 47 ko 48 a madadin 46, ba laifi, muddin ka nuna layinka a takarda.

Hattara: layin ɗauri yana tsayawa ne a iyakar farko da ya tarar. Ba ya ƙetare filin alfa ya kai gefen taswira. Wanda ya miƙa shi har sifili, ya ce ke nan daskararren tsantsar dalma ne, wanda ba haka ba ne. Kuma dole layin ya kwanta sosai. Karkatacciyar rula tana haɗa zafi biyu daban a lissafi ɗaya.

Wani kuskuren da ya fi wannan yawa: ɗalibi ya karanta 46 sai ya rubuta "ruwa kashi 46 ne". A'a. Lambar 46 amsar tambaya ta biyu ce, yawan kuzan da ke cikin ruwan. Yawan ruwan kansa tambaya ta uku ce, kuma ba mu kai ta ba tukuna.

5. Dokar liba

Ɗigonka ya raba layin ɗauri gida biyu. Hannun hagu daga 17 zuwa 30, tsawonsa 13. Hannun dama daga 30 zuwa 46, tsawonsa 16. Dukan layin 29 ne.

Dokar ita ce: yawan fez ɗin da kake nema daidai yake da tsawon hannun da ke nesa da shi, a raba da tsawon dukan layin. A rubuce, W shi ne rabon fez a nauyi, Cα kuzan da ke cikin alfa, CL kuma kuzan da ke cikin ruwa.

```
Wα = (CL − C0) / (CL − Cα) = (46 − 30) / (46 − 17) = 0.55
WL = (C0 − Cα) / (CL − Cα) = (30 − 17) / (46 − 17) = 0.45
```

Alfa tana hagu, amma hannun dama aka ɗauka mata. Wannan ne ke ɗaure wa mutane kai. Ka tuna mutum biyu da suka rataya buhu a sanda suka saɓa a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya. Idan buhun yana tsakiya, raba daidai suke yi. Idan aka matsar da shi kusa da na gaba, shi zai fara kuka da nauyi. Rabonsa ya ƙaru ne gwargwadon yadda tazarar da ke tsakanin buhun da abokinsa ta ƙaru. Buhun shi ne C0, mutanen biyu su ne fez ɗinka. Wanda ɗigon ya fi kusa da shi, shi ya fi yawa. Tun kafin ka yi lissafi, ka duba da ido: 30 ya fi kusa da 17 a kan 46, don haka alfa za ta ɗan rinjayi ruwa. Idan kalkuleta ta faɗi akasin haka, ka juya hannuwan.

A giram 500 ɗinmu, alfa giram 276 ce, ruwa giram 224.

Hattara: da lambobin gefen kwance ake auna hannuwan. Wasu suna auna tsawon da rula a milimita, hakan yana yiwuwa idan tazarar lambobin gefen daidai take daga farko har ƙarshe. A taswirar da ke da ma'auni biyu, ɗaya daga cikinsu ba daidai tazararsa take ba, kuma milimita za ta yaudare ka. Ragin lambobi ya fi aminci.

6. Gwada amsarka da kuzan da ka zuba

Dokar liba ba wani sirri ba ce, lissafin ajiya ne kawai: kuzan da ka zuba a tukunya yana nan, ya rabu ne gida biyu. Mun zuba giram 150, wato kashi 30 na 500. Alfa giram 276 mai kashi 17 tana riƙe da giram 47. Ruwa giram 224 mai kashi 46 yana riƙe da giram 103. A haɗa, 150. Ya fita.

Da ka juya hannuwan, da alfa ta zama 224 ruwa 276, kuzan zai fito giram 165. Ina ƙarin 15 ɗin ya fito? Babu. Wannan gwajin ya fi duba ko amsoshin biyu sun haɗu sun ba da 1, domin wanda ya juya hannu shi ma nasa za su ba da 1 cif. Idan kuma ka ga amsa ta haura 1 ko ta fito da alamar ragi, to C0 ɗinka ba ya tsakanin ƙarshen layin ɗaurin biyu. Ka koma mataki na 3, ba a filin da kake zato kake ba.

7. Dab da layin 183, ta sama

A nan ne taswirar yutektik ta bambanta da sauran, kuma a nan masu jarrabawa suke son ɗana tarko. Ci gaba da saukowa kan layinka. Alfa tana ƙaruwa, ruwa yana raguwa, haɗin ruwan yana gangarowa kan likwidus yana nufar 61.9. Tsaya gashi ɗaya a saman layin, ka ce digiri 184. Har yanzu kana cikin α + L, layin ɗauri kuwa ya miƙe daga 18.3 zuwa 61.9.

```
Wα' = (61.9 − 30) / (61.9 − 18.3) = 0.732
WL  = (30 − 18.3) / (61.9 − 18.3) = 0.268
```

Alfa giram 366, ruwa giram 134. Wannan alfar da ta daskare tun kafin a kai 183 ita ake kira alfar farko, ana sa mata ɗan waƙafi a sama, α'. Riƙe lambobin nan biyu.

Hattara: kada ka yi dokar liba a kan layin 183 kansa. A daidai wannan zafin fez uku ne tare, alfa da bita da ruwa, kuma yawansu yana canzawa yayin da zafin yake tsaye cak. Da za ka sa ma'aunin zafi a tukunyar, za ka ga ya daina sauka na ɗan lokaci har sai ruwan ya gama daskarewa. Taswirar ba za ta gaya maka ko daskarewar ta yi rabi ko ta kusa ƙarewa ba. Shi ya sa kullum tambaya take cewa "dab da saman layin" ko "dab da ƙasansa".

8. Dab da layin 183, ta ƙasa

A digiri 182 babu sauran ruwa. Kana cikin α + β, kuma layin ɗauri ya yi tsalle: daga 18.3 yanzu har 97.8.

```
Wα = (97.8 − 30) / (97.8 − 18.3) = 0.853
Wβ = (30 − 18.3) / (97.8 − 18.3) = 0.147
```

Alfa giram 426, bita giram 74. Ɗazu alfa 366 ce, yanzu 426. Ƙarin giram 60 daga ruwan nan ya fito. Ruwan yutektik idan ya daskare ba fez ɗaya yake zama ba, rabuwa yake yi zuwa siraran shimfiɗu na alfa da bita, ɗaya bayan ɗaya, kamar ratsin saƙi. Giram 134 na ruwan ya ba da alfa 60 da bita 74.

Kana iya tabbatar da haka ta wata hanyar. Ɗauki ruwan shi kaɗai a matsayin gami mai kashi 61.9, ka yi masa dokar liba tsakanin 18.3 da 97.8. Alfa za ta fito 0.452, bita 0.548. Ninka kowanne da 134, za ka samu kusan 60 da 74 ɗin nan.

Yanzu ga bambancin da ya kamata ya zauna maka. Idan aka goge gamin aka duba shi a madubin ƙara girma, abubuwa biyu ido zai gani: manyan dunƙulen alfar farko, da kuma sashe mai ratsi-ratsi da ya cike tsakaninsu. Sashen mai ratsi shi ake kira tsarin yutektik, kuma shi ba fez ba ne, fez biyu ne a cakuɗe. Saboda haka gami ɗaya, a zafi ɗaya, yana da amsa iri biyu:

Idan an tambayi yawan fez: alfa 0.853, bita 0.147. Layin ɗauri daga 18.3 zuwa 97.8.

Idan an tambayi yawan abin da ake gani a madubi: alfar farko 0.732, tsarin yutektik 0.268. Layin ɗauri daga 18.3 zuwa 61.9, wato lissafin mataki na 7, domin duk ruwan da ya rage shi ne ya koma yutektik.

Karanta tambayar sau biyu ka ga wanne ake so. Na sha ba da sifili ga amsar da lissafinta ba shi da aibi, sai dai ba ita aka tambaya ba, kuma ba da daɗin rai nake yi ba.

9. Ƙasa sosai, da batun nauyi da girma

Zango na ƙarshe digiri 150. Filin bai canza ba, amma solbus ta ja baya, alfa ba ta iya riƙe kuza kamar da. Layin ɗauri yanzu daga wajen 11 ne zuwa wajen 99. Alfa ita ce 69 a raba da 88, wato 0.78, giram 392. Bita 19 a raba da 88, wato 0.22, giram 108. Bita ta ƙaru daga 74 zuwa 108 alhali komai daskararre ne, domin alfa tana amayar da kuzan da ya fi ƙarfinta a matsayin ƙananan ƙwayoyin bita.

Hattara: kada ka yi amfani da 18.3 da 97.8 a nan. Na digiri 183 ne kaɗai. Kowane zafi da nasa layin ɗaurin.

Abin da dokar ta ba mu rabon nauyi ne, tunda da ma'aunin nauyi muka yi aiki. Madubi kuwa fili yake nunawa, wanda ke bin girma. Don juyawa, raba nauyin kowane fez da nauyin santimita kubik ɗaya nasa. Alfar nan kusan giram 10.7 take yi a kowane santimita kubik, bita kusan 7.3. Alfa: 392 a raba da 10.7, ya ba da 36.6. Bita: 108 a raba da 7.3, ya ba da 14.8. Jimla 51.4, rabon bita a ciki kusan kashi 29 ne. Ka ga, kashi 22 a nauyi, kashi 29 a girma. Wanda ya kwatanta hoton madubi da amsar dokar liba kai tsaye zai zaci ya yi kuskure, alhali ma'auni ne ya bambanta.

10. Idan gamin ya koma wani wuri

Matakan ba sa canzawa, sunaye ne ke canzawa. Gami mai kashi 80 na kuza yana dama da ɗigon yutektik, don haka abin da zai fara daskarewa bita ce. Dab da saman 183 layin ɗaurinsa daga 61.9 ne zuwa 97.8, bitar farko kuma 18.1 a raba da 35.9, kusan rabi. A nan ruwa ne a hagu, daskararre a dama. Wanda ya haddace cewa "ruwa kullum hannun hagu ake ɗauka masa" zai kife. Hannun nesa shi ne dokar, ba hagu ko dama ba.

Gamin da kuzansa bai kai 18.3 ba, layinsa ba ya taɓa layin 183 ɗin, saboda haka babu tsarin yutektik a cikinsa idan ya huce sannu. Wanda kuma yake daidai kan 61.9 ba shi da alfar farko ko bitar farko, daga ruwa sai ratsi, a zafi guda.

Wannan shi ne dalilin da wayar masu gyaran lantarki mai lamba 63/37, wato kuza kashi 63 da dalma kashi 37, take daskarewa nan take da an ɗaga ƙarfen zafi, ga ta dab da ɗigon yutektik. Ta 60/40 tana da 'yar tazarar digiri kaɗan. Irin namu mai kashi 30 kuwa yana zama kamar talge tsawon digiri kusan saba'in, daga 255 zuwa 183, abin da masu haɗa bututun dalma a da suke so, don su sami lokacin shafe shi su daidaita. A kan ƙafar kayan lantarki wannan tazarar matsala ce: hannu ya ɗan motsa kafin sauran ruwan ya daskare, liƙin ya fito dusu-dusu mai saurin tsagewa. Kuza ya fi dalma tsada ninki-ninki, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da waya mai araha da aka rage mata kuza. Idan taka tana jan lokaci kafin ta kama, taswirar ta riga ta gaya maka dalili. Mai aiki da ita kuma ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ya nisanta ta da yara, dalma guba ce.

Iyaka ɗaya ta ƙarshe da ya kamata ka sani. Duk lissafin nan ya ginu ne a kan cewa gamin ya huce sannu ƙwarai, har ƙwayoyin zarra suka sami lokacin yin ƙaura cikin daskararren. Idan aka sanyaya da sauri, tsakiyar kowace ƙwayar alfa tana zama da ƙarancin kuza, bayanta da yawa, ruwan da ya rage kuma ya fi abin da dokar ta faɗa. Har gami mai kashi 15, wanda taswira ta ce ba zai yi yutektik ba, ana iya ganin ɗan ratsin a tsakanin ƙwayoyinsa.

Don gwada hannunka a wata taswirar, ɗauko ta Cu–Ag, jan ƙarfe da azurfa. Layin yutektik ɗinta yana digiri 779, lambobinsa uku kuma 8.0 da 71.9 da 91.2, duk a yawan azurfa da nauyi. Ɗauki gami mai rabi da rabi, ka nemo alfar farko da jimlar alfa dab da ƙasan layin. Ya kamata ka sami 0.343 da 0.495. Idan ka sami 0.657 ko 0.505, hannun kusa ka ɗauka.